A Rufe Asusunsa Yau, Gogewa Sai Wata Ya Zagayo

A watan Afrilun 2018 wani injiniya ya ajiye aiki a kamfanin Cisco na Amurka. Wata biyar bayan haka, a watan Satumba, ya shiga rumbun kwamfutocin kamfanin da ke kan Amazon Web Services ba da izinin kowa ba, ya saki umarnin da ya goge injinan aiki 456 waɗanda manhajar Webex Teams ke gudana a kansu. Asusun masu amfani da manhajar sama da 16,000 suka tsaya cak, wasu har tsawon mako biyu. Kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 1.4 wajen gyara, ya kuma mayar wa abokan cinikinsa fiye da dala miliyan ɗaya. A watan Disambar 2020 kotu ta yanke wa injiniyan hukuncin shekara biyu a gidan yari. Mutumin ya daɗe da barin ofis, amma hanyar da yake bi ya shiga tana nan a buɗe.

Irin wannan labari ne ke sa shugaban ma'aikata, da zarar ya karɓi takardar ajiye aiki, ya kira mai kula da kwamfutoci ya ce, "Malam, a goge shi daga komai yau ɗin nan." Tsoron nasa yana da tushe. Sai dai umarnin, idan aka bi shi kamar yadda ya fito, yakan jawo wata ɓarnar da ba ta shiga jarida amma ta fi yawan faruwa. Ranar Litinin a zo ofis a tarar jadawalin basussuka ya ɓace, rahoton da ke isowa kowace safiya bai iso ba, banki kuma yana tura lambar tabbatarwa zuwa wayar mutumin da ke kan hanyar wani gari. Hana mutum shiga aiki ne na minti goma. Kwance abubuwan da aka ɗaure da sunansa shi ne aikin makonni, kuma shi ya kamata a gama kafin a taɓa maɓallin gogewa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce kamfani ne na rarraba magunguna a Kano, ma'aikata talatin, suna amfani da Google Workspace wajen imel da ajiyar fayiloli. Akantarsu, wadda ta shekara shida tana riƙe da littattafai, ta ba da sanarwar wata guda cewa za ta koma wani wurin. Babu faɗa, babu zargi. Wannan shi ne yanayi mafi sauƙi, kuma ko a nan ma abubuwan da ke iya karyewa suna da yawa.

Aikin yana farawa ne ranar da takardar ta iso. Mai kula da kwamfutoci ya zauna da ita da wanda zai gaje ta, a yi mata tambaya ɗaya ta fuskoki da dama: me ke tsayawa idan ba ki nan? Ba a dogara da ƙwaƙwalwarta kaɗai, domin abin da mutum ya saita shekara huɗu da suka wuce, yana ta aiki da kansa, shi ne abin da ya fi saurin mantawa. Akwai wurare uku da ke tona abin da aka manta. Na farko akwatin imel ɗinta: a bincika saƙonnin rasit, na sabunta rajista da na sauya kalmar sirri, kowanne yana nuna wani shafi da ta buɗe da sunan kamfani. Na biyu bayanan cire kuɗi na banki, inda ake ganin kuɗin da ke fita duk wata zuwa wata manhaja. Na uku shafin tsaro na asusunta a Admin console, wanda ke jera manhajojin waje da ta ba izinin shiga asusun.

Fayil na wanda ya ƙirƙire shi ne

Nan ne mafi yawan ofisoshi ke faɗawa rami, don haka sai mu ɗan daɗe a kai. A Google Drive kowane fayil da ke cikin My Drive yana da mai shi guda ɗaya, wato wanda ya ƙirƙire shi ko ya ɗora shi. Ko da mutum ashirin suna buɗe jadawalin basussuka kullum, suna rubutu a ciki, suna kiransa "jadawalinmu", a wurin Google na akanta ne. Idan aka goge asusunta ba tare da an miƙa fayilolin ga wani ba, jadawalin zai ɓace wa kowa. Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne folda ba ta sauya mallaka. Manaja yana iya mallakar foldar da ake kira Kuɗi, amma rabin fayilolin da ke cikinta na akanta ne saboda ita ta zuba su. Manajan zai buɗe foldarsa ya tarar da ita kamar an yi mata sata, alhali ba wanda ya taɓa ta.

Gano girman matsalar ba wuya. Duk wani abokin aiki yana iya rubuta wannan a akwatin bincike na Drive ɗinsa, da adireshinta na gaskiya a madadin na misali:

```
owner:akanta@example.com
```

Abin da ya fito shi ne fayilolinta da aka raba da shi, wato abin da zai rasa idan aka goge ta. Yana da kyau manaja, mai kula da sito da shugaban tallace-tallace kowa ya gwada a nasa, domin kowa zai ga jeri daban. Sau da yawa a nan ne fuskar shugaban da ya ce a goge yau take sauyawa.

Maganin yana cikin Admin console, ƙarƙashin Drive and Docs, a wurin da aka rubuta Transfer ownership. A sa adireshinta, a sa na magajinta, duk fayilolinta su koma sunansa. Za su bayyana a Drive ɗinsa cikin folda mai ɗauke da adireshinta. Mahaɗin kowane fayil yana nan yadda yake, waɗanda aka ba izini a da suna nan da izininsu, tarihin gyare-gyare bai taɓu ba. Abin da ta jefa a kwandon shara ba ya bin wannan miƙawar, don haka a leƙa Trash tukuna a dawo da abin da ake so.

Hanyar da mutane suka fi bi, wadda kuma ta fi ɓarna, ita ce a ce mata ta sauke komai a filashi ta ba magajinta ya sake ɗorawa. Kofin da aka ɗora sabon fayil ne mai sabon mahaɗi. Duk wanda ya ajiye tsohon mahaɗin a burauzarsa, duk jadawalin da ke jan lissafi daga tsohon, duk fom ɗin da ke zuba amsa a cikinsa, suna nan suna kallon fayil ɗin da za a goge. Na ɗan lokaci ma sai a sami jadawali biyu, wasu suna cika wannan wasu suna cika wancan, a ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa a rasa dalili.

Akwai iyakar da wannan kayan aiki ba ya tsallakewa. Idan akantar ta ƙirƙiri wasu fayilolin da asusunta na kanta na Gmail, wanda ta shigo da shi tun kafin kamfani ya buɗe mata na aiki, mai kula da kwamfutoci ba shi da iko a kansu ko kaɗan. Ba zai iya miƙa su ba, ba zai iya cire ta daga cikinsu ba. Sai ita da hannunta ta kai su cikin Shared drive na kamfani, inda fayil yake zama mallakar ma'aikata gaba ɗaya, ko kuma a yi kofi a haƙura da tsohon mahaɗin. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a rabu da ma'aikaci da mutunci, a kuma yi wannan aiki tun tana zuwa ofis. Ofishin da ya saba ajiye aikin gama-gari a Shared drive tun farko ya huta da rabin wannan wahala, domin tafiyar mutum ba ta taɓa abin da ke ciki.

Abubuwan da ke aiki da sunanta ba ta sani ba

An miƙa fayiloli, amma da sauran rina a kaba. A misalinmu, jadawalin manaja yana jan jimillar bashin kowane kanti daga jadawalin akanta ta hanyar wannan umarni:

```
=IMPORTRANGE("mahaɗin jadawali", "Bashi!A2:D200")
```

Ranar da aka fara haɗa jadawalan biyu, wani ya danna Allow access. Izinin yana rataye ne a wuyan wanda ya danna, kuma yana nan har sai an cire wannan mutumin daga jadawalin da ake ja daga gare shi. Idan akanta ce ta danna, ranar da ta rasa izininta manaja zai buɗe jadawalinsa ya ga `#REF!` a inda lambobi suke. Gyaran na daƙiƙa biyar ne: wanda ke da izini a jadawalan biyu ya sa linzami a kan gurbin ya sake danna Allow access. Amma wanda bai san dalilin ba zai iya shafe yini yana zaton an lalata masa aiki, har ya fara zargin wadda ta tafi. Wannan matsalar aƙalla tana nuna kanta.

Wadda ba ta nuna kanta ita ce ta ayyukan da aka ɗora wa agogo. A ce shekaru uku da suka wuce an rubuta ɗan shiri a Apps Script wanda kowace Litinin da bakwai na safe yake tura wa masu kantuna tunin bashin da ke kansu, kuma da asusun akanta aka saita lokacin. Irin wannan saiti yana gudana ne da sunan wanda ya kafa shi, kuma ba ya bin fayil idan an sauya mai shi. Da zarar an rufe asusunta sai ya daina aiki. Saƙon da ke sanar da gazawar kuma yana tafiya ne ga wanda ya kafa saitin, wato akwatin da aka rufe. Ba wanda zai ga komai. Sai bayan mako uku manaja ya lura kuɗi ba sa shigowa kamar da, ya kira wani mai kanti, shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mun ga kun daina turo mana takarda, mun ɗauka an ɗaga mana ƙafa ne." Abin yi shi ne magajin ya buɗe shirin tun tana nan, ya shiga Triggers ya kafa nasa, ita kuma ta goge nata don kada saƙo ya tafi sau biyu. Litinin ta gaba a duba a tabbatar ya fita daga sabon suna.

Haka taron mako-mako da ta kira a kalanda, da mahaɗin Zoom da ke ƙarƙashin asusunta, da kuɗin manhajar lissafi da ake cirewa daga katinta na banki ana mayar mata. Kowanne a nemo shi a sauya masa uba.

Lambar waya

A Najeriya, wurin da ya fi wuyar kwancewa ba ya cikin kwamfuta, yana cikin aljihu. Tun watan Disambar 2020 hukumar sadarwa ta NCC ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Layin da ake kira na ofis, wanda aka buga a jikin motar kamfani da kan rasit, sau da yawa wani ma'aikaci ne aka aika ya saya, ya yi rajista da fuskarsa da yatsunsa. A wurin kamfanin sadarwa layin nasa ne. Ko an karɓe sim ɗin daga hannunsa, yana iya zuwa ya ce ya ɓace a ba shi sabo, na hannun ofis ya mutu nan take. Kamar ɗan haya ne da ya tashi ya miƙa makulli, amma mitar wuta tana da sunansa.

A kan wannan layi ne lambobin OTP na banki ke sauka, shi ne lambar ceto ta imel, a kansa WhatsApp na kasuwanci yake. Don haka tambaya ta biyu da ake yi wa mai tafiya ita ce: waɗanne saƙonnin lambobi ne ke shigowa wayarki? A bi su ɗaya bayan ɗaya a sauya lambar, kuma dole tana kusa, domin yawancin shafuka sai sun tura lamba ga tsohuwar waya kafin su yarda da sabuwa. Idan akwai manhajar Google Authenticator a wayarta, a buɗe tare a karanta jerin da ke ciki, kowane layi na kamfani a kafa shi a wata wayar kafin a cire daga tata. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sauya kalmar sirri cikin jin daɗi, ya zo shiga a tambaye shi lamba shida da ke wayar da ta bar gari.

Kada kuma a ce ai layin za a jefar. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa yakan sake sayar da shi, sai saƙon banki na kamfani ya riƙa sauka a wayar baƙon da ba a taɓa gani ba.

Banki yana da nasa tsarin kuma ba ya sauri. Cire mutum daga masu sa hannu a asusun kamfani yana bukatar wasiƙa, galibi da ƙudurin daraktoci da cike fom na sauya umarnin sa hannu. A fara shi a makon farko na sanarwa. A nemi bankin ya rufe sunanta a shafin hada-hadar intanet, a karɓi tokin, a kuma tabbatar an riga an kafa magajinta, musamman idan tsarin na mutum biyu ne, ɗaya ya shigar da biya ɗaya ya amince. Idan aka cire mai shigarwa ba a sa wani ba, albashin ƙarshen wata zai maƙale, kuma ba mai kula da kwamfutoci za a tsare a bakin ƙofa ba.

WhatsApp na da wata ƙa'ida da mutane kaɗan suka sani: wanda ya ƙirƙiri zaure, sauran shugabannin zauren ba za su iya cire shi ba, sai dai ya fita da kansa. Idan akanta ce ta buɗe zauren masu kantuna, sai a naɗa wani shugaba tukuna, sannan a roƙe ta ta fita. Idan ita kaɗai ce shugaba ta fita haka kawai, manhajar za ta ɗora wani daga cikin mambobi, wanda yana iya zama mai kantin da ya fi kowa bashi. Bayan ta fita a sabunta mahaɗin gayyata. A wayar ofis kuma a buɗe Linked devices a fitar da duk kwamfutar da ba a gane ba, domin laftof ɗinta na gida yana iya ci gaba da karanta hirar abokan ciniki.

Ranar ƙarshe

Idan an yi abin da ya gabata, ranar tafiya gajeren aiki ne. A tsayar da sa'a, a ce huɗu na yammacin Juma'a, ita ma ta sani. Kafin lokacin a ba ta dama ta kwashe abin da yake nata na kanta, hotunan iyali, takardun makaranta, ta kuma sauya adireshi a duk wani shafinta da ta yi rajista da imel ɗin aiki.

Da lokaci ya yi, mai kula da kwamfutoci ya danna Suspend user. Wannan dakatarwa ce: ba za ta iya shiga ba, amma komai nata yana nan, kuma fayilolin da ta raba suna buɗuwa ga sauran mutane. Sauya kalmar sirri kaɗai ba ya wadatarwa, domin na'urar da ta riga ta shiga tana riƙe da wata shaida da ke ba ta damar ci gaba ba tare da an sake tambayarta ba. Shi ya sa ake danna Reset sign-in cookies, a soke App passwords, a janye izinin manhajojin waje, a cire lambar wayarta da imel ɗinta na ceto. Masu amfani da Microsoft 365 suna da makamancin haka a Block sign-in da Sign out of all sessions, kuma a can shaidar da na'ura ke riƙe da ita tana iya kai kusan sa'a guda kafin ta mutu. Bayan dakatarwar ne ake yin miƙa fayiloli na ƙarshe, don kada ta ƙirƙiri sabo bayan an miƙa.

Idan imel ɗin aiki yana kan wayarta ta kanta, a kula da bambancin Wipe account da Wipe device. Na farko yana cire bayanan kamfani kawai. Na biyu yana share wayar gaba ɗaya, har da hotunan 'ya'yanta, kuma ba a dawo da shi.

Dakatarwa tana da illa guda da ya kamata a shirya mata: asusun da aka dakatar ba ya karɓar sabon imel. Dilan da ya saba turo takardar neman biya ga akanta, saƙonsa ba zai isa ba. Sai a kafa ƙa'ida a saitin Routing na Gmail da za ta karkatar da saƙonnin adireshin zuwa ga magajin, sannan a gwada da gaske, a turo saƙo daga wani asusu na waje a ga inda ya sauka. Ofishin da dilolinsa ke rubutu zuwa adireshin sashe, ba na mutum ba, ba ya fuskantar wannan.

Sai kalmomin sirri na tarayya, waɗanda dakatarwa ba ta taɓawa: na wayafai, na kyamarorin sito, na shafin biyan haraji, na manhajar lissafi da mutum huɗu ke shiga da suna ɗaya. Duk wanda ta sani a sauya shi a ranar, a sanar da masu amfani da shi ta hanyar da ba ta ciki. Abin dariya ne, amma yana faruwa, a sauya kalmar sirri a tura sabuwar a zauren da mai tafiyar ke ciki har yanzu. A shafin Facebook na kamfani a tabbatar wani yana da cikakken iko kafin a cire ta. A duba kuma ko ta raba wasu fayiloli da asusunta na kanta, ko ta bar su a Anyone with the link, domin rufe asusun aiki ba ya rufe waɗannan. Wannan ba batun ladabi ba ne kawai. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare bayanan mutanen da ke hannunsa, kuma idan suka fita ta hanyar da ke iya cutar da masu su, sa'o'i 72 gare shi ya sanar da hukumar NDPC.

Idan korar gaggawa ce, ko akwai zargin almundahana, tsarin yana juyewa: a dakatar da asusun a daidai lokacin da ake sanar da mutum, a kira banki nan take, kwance-kwancen kuma a yi shi daga baya da wahala. A wannan yanayi gogewa ta fi kowane lokaci haɗari, tunda akwatin imel ɗin shi ne hujjar da mai bincike ko lauya zai nema. Idan kuma mai tafiyar shi ne mai kula da kwamfutocin kansa, mataki na farko shi ne a tabbatar akwai wani Super Admin na biyu da ya gwada shiga ya ga yana aiki.

Jira

Asusun da aka dakatar ana ci gaba da biyan kuɗin lasisinsa, kuma wannan ne ke sa masu kamfani gaggawar gogewa. A ganina kuɗin wata ɗaya ko biyu ba abin da za a yi jayayya a kai ba ne. Aikin akanta yana zagayawa ne wata-wata: albashi, haraji, rufe littafi, daidaita lissafi da banki. Abin da aka manta ba zai fito ranar Litinin ta farko ba, sai ranar 28 ga wata. Matuƙar asusun a dakace yake, gyara yana da sauƙi: a buɗe shi na ɗan lokaci da sabuwar kalmar sirri, a ɗauko abin da ake nema, a mayar a rufe, a rubuta wanda ya shiga da dalili. Don haka mafi ƙarancin jira shi ne a ga an rufe wata guda cif ba tare da ita ba.

A cikin wannan lokaci akwai gwaje-gwaje masu sauƙi. A sake binciken `owner:` da adireshinta, ya kamata ya fito fayau. A duba tarihin shiga a Admin console a ga ko akwai yunƙurin shiga bayan ranar Juma'ar. Yunƙuri ɗaya ko biyu da suka gaza galibi wayarta ce ke neman imel da kanta, ba mugun nufi ba. A tambayi mutum uku da suka fi aiki da ita ko akwai abin da ya saba zuwa da bai zo ba.

Sannan a goge. Kafin nan a adana kofin akwatin imel ɗin idan kamfani na bukatarsa, domin miƙa fayiloli ba ya haɗawa da wasiƙu. Google yana ba da kwana 20 da za a iya dawo da asusun da aka goge, Microsoft kwana 30, bayan haka babu roƙon da zai dawo da shi. Da adireshin ya kuɓuta, sai a liƙa shi a asusun magajin a matsayin adireshi na biyu, wanda ba a biyan kuɗinsa. Amfaninsa ya wuce karɓar saƙon diloli. Akwai abubuwan da ke zagayowa sau ɗaya a shekara, waɗanda jiran wata guda ba zai tona ba, kuma babbansu rajistar sunan shafin kamfani ne. Idan da adireshin akanta aka yi ta, tunin sabuntawa can zai tafi, kuma ranar da rajistar ta ƙare imel ɗin ma'aikata talatin ɗin ne zai tsaya gaba ɗaya. A bar adireshin yana karɓar saƙo aƙalla wata goma sha uku, duk wani tuni da ya faɗo a ciki a shiga shafin a sauya sunan da ke kai.